Yadda ake karanta sakamakon D-dimer idan ana zargin gudan jini a ƙafa ko huhu

Tambaya ɗaya ce take ta dawo mini daga ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara a Kano da Jigawa, wani lokaci kuma daga 'yan uwan marasa lafiya: an tura mutum birni ya yi gwajin D-dimer, ga takarda ta dawo da lamba a kai, to yanzu me za a yi? Wasu sun ga lambar ta yi sama sun firgita, wasu sun ga ta yi ƙasa sun sallami mai kumburin ƙafa ya koma gida. Duka biyun ana iya yin kuskure a cikinsu.

Ga abin da gwajin yake aunawa a taƙaice. Idan jini ya daskare a ko'ina cikin jiki, jiki yana fara narkar da gudan, kuma ɓurɓushin da ke fita daga wannan narkewa shi ne D-dimer. Kamar toka ce a tsakar gida: tana nuna an hura wuta, amma ba ta faɗa maka ko girki aka yi ko gobara ce. Saboda haka aikin gwajin guda ɗaya ne, wato kore zargin gudan jini ga mutumin da tun farko zargin da ake yi masa bai yi ƙarfi ba. Ba ya tabbatar da cutar. Matakan da ke ƙasa an jera su ne yadda ya kamata a bi su, kuma duba lambar ba shi ne na farko ba.

1. Fara da numfashi

Kafin a yi maganar kowane gwaji, a dubi mutumin. Gudan jinin da ya taru a babbar jijiyar ƙafa yana iya ɓallewa ya bi jini ya toshe jijiyar huhu, kuma wannan shi ne mai kisa. A ƙirga bugun zuciya na minti guda cur, a ƙirga numfashi, a auna hawan jini, a maƙala na'urar auna iskar jini a yatsa idan akwai.

Idan mutum yana haki alhali yana zaune, ko ya suma, ko lambar sama ta awon jininsa ta faɗi ƙasa da 90, ko iskar jininsa ta sauka kusa da 90 cikin 100, ko yana tarin jini tare da ciwon ƙirji, to maganar D-dimer ta ƙare a nan. A sa masa iskar oksijin idan akwai, a nemi mota, a kai shi babban asibiti.

*Gargaɗi:* kada a tsayar da irin wannan mara lafiya ana jiran samfurin jini ya je Dutse ko Kano ya dawo. Ko sakamakon ya fito ƙasa, ba zai canza abin da ya kamata a yi masa ba.

2. Auna ƙafar da tef

Ba a buƙatar wani kayan aiki na musamman, tef ɗin tela ya isa. A kwantar da mutum, a buɗe ƙafafu biyu tun daga matse-matsi har yatsu. A lalubo ɗan tudun ƙashin da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, a saman ƙwauri. Daga nan a auna santimita 10 zuwa ƙasa, a sa alama da biro a ƙafafun biyu, sannan a zagaya tef a daidai alamar. A rubuta lambobin biyu. Bambancin santimita 3 ko fiye shi ne abin da ake nema.

Sai a danna babban yatsa a kan ƙwauri na 'yan daƙiƙu a ga ko wurin zai loma, a ƙafa ɗaya ko a biyun. A taɓa sha-raɓa da bayan gwiwa da cikin cinya a hankali, a ji inda yake ciwo. A duba tsakanin yatsu da tafin ƙafa ko akwai rauni, ƙaya ko faso da ya ruɓe, domin kumburi mai ja da zafi tare da zazzaɓi da kaluluwa a matse-matsi ya fi kama da ƙwayar cuta ta shiga fata.

*Gargaɗi:* ba a matsa sha-raɓa da ƙarfi, ba a tausa, ba a kai wa wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Idan aka zo fara maganin tsinka jini, waɗannan tsagogin su ne za su yi ta zuba.

3. Ƙirga maki kafin ka ga lamba

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ne ya fi gwajin kansa amfani. Likitoci suna amfani da ma'aunin Wells domin su raba masu kumburin ƙafa gida biyu. Ana ba da maki ɗaya ga kowanne daga cikin waɗannan:

- ciwon daji da ake kan maganinsa ko aka yi maganinsa cikin wata shida da suka wuce
- shanyewar ƙafa, ko ƙafar da aka ɗaure da filasta saboda karaya
- kwanciya ta kwana uku ko fiye a kwanan nan, ko babbar tiyata cikin mako 12
- ciwo idan an taɓa daidai hanyar manyan jijiyoyin ciki
- kumburin ƙafar gaba ɗaya har cinya
- sha-raɓa ya fi ɗayan da santimita 3 ko fiye
- lomawa a ƙafar da ke ciwo kaɗai
- jijiyoyin saman fata da suka fito sababbi a ƙafar
- an taɓa tabbatar masa da gudan jini a baya

Idan akwai wata cutar da za ta iya bayyana kumburin daidai da gudan jini ko fiye, sai a cire maki biyu. Jimla 2 ko sama, zargi mai ƙarfi ne. Jimla 1 ko ƙasa, zargi mai rauni ne.

A ƙauyukanmu karaya ta fi zuwa wurin mai ɗori fiye da asibiti. Ƙafar da aka ɗaure da karan ɗori, mai ita yana kwance a zaure mako uku, ni ina ba ta makin filasta, ina kuma ba ta makin kwanciya.

Na huhu ma yana da nasa lissafin. Alamun gudan jini a ƙafa maki 3 ne. Idan babu wata cutar da ta fi gudan jini bayyana hakin, wani maki 3. Bugun zuciya sama da 100 maki ɗaya da rabi, haka kwanciyar kwana uku ko tiyata cikin mako huɗu, haka wanda ya taɓa yin gudan jini. Tarin jini maki 1, ciwon daji maki 1. Abin da ya haura 4 zargi mai ƙarfi ne.

Bari mu ɗauki misalin da za mu bi har ƙarshe. Manomi ne ɗan shekara 47 daga wani ƙauye a yankin Jahun. Ya je cin rani Legas, ya dawo a bayan babbar mota, a takure tsakanin kaya, kwana da yini bai miƙe ƙafa ba. Bayan kwana biyu ƙafar dama ta fara nauyi. An shafa man zafi, an sayo maganin ciwon jiki a kyamis, sai da aka yi kwana 18 kafin ya zo asibiti. Tef ya nuna 38 a dama, 34 a hagu. Ƙwaurin dama yana lomawa, bayan gwiwa yana ciwo. Babu zazzaɓi, babu rauni, fata ba ta yi ja ba. Makinsa uku. Ku lura cewa doguwar tafiyar ba ta cikin jerin makin, amma duk wanda ya ji labarin ya san ta ƙara nauyin zargi.

*Gargaɗi:* a rubuta makin a kati kafin a buɗe takardar gwaji. Idan ido ya riga ya ga lamba mai kyau, zuciya takan fara rage makin da kanta.

4. Yanke shawara: a yi gwajin ko a wuce hoto

Mai zargi mai rauni shi ne gwajin yake yi wa aiki. Idan lambarsa ta fito ƙasa da iyaka, an kore gudan jini, ba sai an yi hoto ba, sai a nemi wani dalilin kumburin. Idan ta fito sama, sai a tafi hoto.

Mai zargi mai ƙarfi, hoto yake buƙata kai tsaye. Ga ƙafa, sikanin ne na jijiyoyi, inda mai hoton yake danna jijiyar matse-matsi da ta bayan gwiwa da kan na'urar. Lafiyayyar jijiya tana lotsewa ta rufe, wadda gudan jini ya cika ba ta lotsewa. Ga huhu kuwa, hoton siti ne da ake yi da allurar rini a jijiya, wanda za a rubuta CTPA a takardar tura mara lafiya.

Nan ne maganar kuɗi take shigowa. Iyali sun sayar da akuya ko buhun gero, kuɗin hannunsu ƙidayayye ne. Akwai kuɗin mota zuwa da dawowa na mutum biyu aƙalla, kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin hoto, sannan maganin da za a sha na wata uku ko fiye. Hoton siti ya ninka sikanin ƙafa tsada sau da yawa, kuma sai a manyan cibiyoyi irin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Idan mutum yana da maki uku kamar manominmu, kashe kuɗi a kan D-dimer ɓarna ce, domin ko me ya nuna sai an yi sikanin. A buga waya tukuna a tambayi farashi da ranar da mai sikanin jijiya yake zama, don ba duk mai hoton ciki ne yake duba jijiyar ƙafa ba. Kuma ga mai haki da kumburin ƙafa tare, idan sikanin ƙafa ya nuna gudan jini, likita yakan fara magani ba tare da siti ba, tunda maganin iri ɗaya ne.

*Gargaɗi:* mai ciki, mai jego cikin mako shida na farko, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya kwana biyu a gadon asibiti, kusan dukkansu lambarsu a sama take. Idan ana zarginsu, a wuce hoto.

5. Ɗibar jinin

Ba sai an yi azumi ba. Yawancin ɗakunan gwaji suna karɓar jinin ne a kwalba mai shuɗin murfi, wadda take da ruwan sitiret mai hana jini daskarewa a ciki. Ma'aunin shi ne kashi tara na jini, kashi ɗaya na ruwan, shi ya sa dole a cika ta daidai layin da ke jikinta. Kwalbar da aka cika rabi ba ta da amfani. A juya ta a hankali sau uku ko huɗu, kada a girgiza. Kada a daɗe da ɗaure hannu da roba, kada a yi ta laluben jijiya da allura, kada kuma a zuƙi jini daga hannun da ake ƙarin ruwa. Wasu ƙananan na'urori suna karɓar wata kwalba dabam, don haka a tambayi ɗakin gwajin kafin a ɗiba.

A rubuta lokacin ɗiba a jikin takarda. An fi so samfurin ya isa cikin awa huɗu. Kwalbar da ta wuni a aljihun ɗan acaɓa a zafin watan Afrilu, ko wadda aka ga ɗan gudaji a cikinta, ko ruwan jinin ya yi ja saboda ƙwayoyin sun fashe, a zubar a sake ɗiba. Sau da yawa ya fi sauƙi a tura mutumin da kansa.

*Gargaɗi:* idan likita zai fara allurar tsinka jini kafin a samu hoto, a ɗebi jinin gwaji kafin allurar farko. Hefarin da danginsa suna sauke lambar cikin kwana guda.

6. Karanta ma'auni kafin lamba

Takardun ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan ne mutane masu ilimi ma suke tuntuɓe. Iyakar da aka fi amfani da ita ita ce 500, amma ana rubuta ta ta hanyoyi da dama:

```
500 ng/mL FEU = 500 µg/L FEU = 0.5 mg/L FEU = 0.5 µg/mL FEU
500 ng/mL FEU ≈ 250 ng/mL DDU
```

Layi na biyu shi ne tarkon. FEU da DDU ma'auni biyu ne na ƙirga D-dimer, kuma wasu na'urori suna ba da sakamako da DDU, wanda lambarsa kusan rabin ta FEU ce. Wanda aka rubuta masa 320 da DDU, idan ka karanta da tunanin iyakar 500 za ka ce lafiya lau, alhali daidai yake da kusan 640 a ɗaya ma'aunin, wato ya haura. A nemi haruffan nan uku a takardar, a kuma dubi iyakar da ɗakin gwajin ya buga a gefe. Idan babu ko ɗaya, a kira su a tambaya.

Sannan shekaru. D-dimer yana hawa da tsufa ko babu cuta. Ga wanda ya haura shekara 50 kuma zarginsa mai rauni ne, likitoci da yawa suna ɗaga iyakar haka:

```
iyaka (ng/mL FEU) = shekaru × 10
```

Dattijo ɗan shekara 72 da aka samu 640, iyakarsa 720 ce, bai haura ba. An hutar da shi tafiya birni. Amma wannan lissafin yana buƙatar shekaru na gaskiya, kuma kun san yadda dattawanmu suke ƙiyasta shekarunsu. Idan ana kokwanto tsakanin 60 da 70, a ɗauki ƙaramar.

Akwai kuma gwajin gaggawa na ɗan katako mai nuna layi, wanda ba ya ba da lamba, sai dai akwai ko babu. Bai kai na na'ura kama cuta ba. Ana iya jingina da shi ga wanda makinsa sifili ne ko ƙasa, amma ni ba na sallamar mai maki ɗaya da ƙafa mai nauyi a kan layin katako.

7. Idan lambar ta yi ƙasa

Mu koma wurin manomin Jahun. Ɗan uwansa da ke birni ya riga ya kai shi wani ɗakin gwaji kafin ya zo, kuma takardar ta ce 0.42 mg/L FEU. Ƙasa da iyaka. Ɗan uwan ya ce, "Likita, ai an ce babu komai, a ba shi maganin sanyi kawai." Abin da ya sa ba a yarda da wannan takardar ba abu biyu ne.

Na farko, makinsa uku. Gwajin yana kama mafi yawan masu gudan jini, amma ba duka ba. A cikin masu zargi mai rauni, masu cutar kaɗan ne tun asali, don haka wanda zai zille wa gwajin bai taka kara ya karya ba. A cikin masu zargi mai ƙarfi kuwa masu cutar suna da yawa, kuma ko kaɗan gwajin ya rasa, mutane ne da za a tura gida da gudan jini a cinya.

Na biyu, kwana 18. D-dimer ba ya daɗewa a jini, rabinsa yana ɓacewa cikin kusan awa takwas. Yana hawa ne lokacin da gudan yake sabo, jiki yana ta faman narkar da shi. Bayan mako ɗaya zuwa biyu gudan ya fara tauri ya manne da bangon jijiya, ɓurɓushin da yake saki ya ragu, lambar ta sauko, alhali jijiyar tana nan a toshe. Wannan ya shafe mu fiye da mutanen wasu ƙasashe, domin a wurinmu da wuya mai kumburin ƙafa ya zo a kwana na biyu. Sai an gwada shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai an gama shuka ko girbi, sai ranar kasuwa da ake samun mota. Saboda haka tambayar "yaushe ya fara?" tana da nauyi daidai da lambar, kuma a yi ta da kyau: kafin sallah ko bayanta, kafin ruwan farko ko bayansa.

Akwai wasu hanyoyin da lamba mai kyau take yaudara. Wanda yake shan maganin tsinka jini irin wafarin ko ribaroksaban saboda ciwon zuciya, ko aka yi masa allurar enoksafarin a wani asibitin jiya, lambarsa za ta sauka. A ce a kawo ledar magungunan a duba da ido, don mutane da yawa ba su san sunan abin da suke sha ba. Ƙaramin gudan da ke can cikin jijiyoyin sha-raɓa, ko ɗan ƙarami a gefen huhu, shi ma yana iya kasa ɗaga lambar. Sai kuma kuskuren ma'auni da lalacewar samfuri da aka riga aka faɗa.

*Gargaɗi:* ko an kore zargi yadda ya kamata, a gaya wa mutum da wanda ya rako shi cewa idan kumburin ya hau cinya, ko haki ya zo, ko ƙirji ya fara suka, su dawo a ranar, ko da dare ne.

8. Idan lambar ta yi sama

Wannan ya fi yawa, kuma ya fi jawo kashe kuɗi a banza. Duk abin da ya tayar da kumburi ko ya sa jini daskarewa a ko'ina yana ɗaga D-dimer. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana ɗaga shi. Haka ciwon huhu na nimoniya, tarin fuka, ruɓar jini, ciwon hanta, ciwon ƙoda, ciwon daji, faɗuwa daga babur, ƙuna, har da babban ƙurji. Masu sikila lambarsu takan zauna a sama ko suna cikin lafiya, ta ƙara hawa idan ciwon ya tashi, ga shi kuma sun fi sauran mutane haɗarin gudan jini na gaske. A wurinsu gwajin kusan ba ya raba komai.

Mai jego ita ce misalin da ya kamata a tsaya a kai. A ce mace ce 'yar shekara 29 daga wajen Gumel, mako uku da haihuwa, tana haki, ƙafafu sun kumbura, takarda ta ce 1,800. Lambar nan ba ta faɗi komai ba, domin ciki yana ɗaga D-dimer wata bayan wata, haihuwa ta ƙara ɗaga shi, kuma yakan ɗauki makonni kafin ya sauko. Abin da zai raba gardama jikinta ne. Idan ƙafa ɗaya ce, musamman ta hagu, ta kumbura har cinya da ciwo a matse-matsi, gudan jini ne a gaba, kuma a masu ciki da jego ya fi kama hagu. Idan kuwa ƙafafu biyu ne daidai, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta, tana tari da dare, cikinta ya kumbura, to a tuna da ciwon zuciyar bayan haihuwa, wanda yankinmu na Arewa yake cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Ita hoton zuciya take buƙata. A auna jininta ko ya hau, a duba tafin hannu da ido ko jini ya yi ƙaranci, a tambayi zubar jini da warin gaba. Kuma a sani cewa zuciyar da ta raunana ita ma tana tara gudan jini, don haka samun ɗaya bai kore ɗayan ba.

*Gargaɗi mai girma:* kada a fara maganin tsinka jini saboda lamba kaɗai. Akwai yanayin da D-dimer yake tashi sosai alhali mutum zubar jini yake shirin yi. Saran kububuwa yana kumbura ƙafa ɗaya, yana cinye sinadaran daskarar da jini, yana kai lambar dubbai. Manomin da ƙafarsa ta kumbura bayan ya dawo daga gona ko ya taka wani abu da dare, a tambaye shi, a duba dasashi ko yana jini, a zuba jininsa kamar mililita biyu a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20 ba a taɓa ba. Idan bai daskare ba, maganin dafin maciji yake buƙata, kuma hefarin zai iya kashe shi. Haka mace mai jijjiga, ko wadda mabiyiya ta rabu kafin haihuwa, ko mai zazzaɓi da zubar jini da ake zargin Lasa.

Girman lambar ma ba ya nuna girman gudan. Mai 4,000 yana iya zama mai nimoniya, mai 700 yana iya zama mai toshewar jijiyar cinya. Sai dai lambar da ta kai dubbai ba tare da dalili a fili ba, ba a watsar da ita. Likita zai nemi ruɓar jini, ciwon daji ko ciwon hanta.

9. Bayan hoto

Sikanin manomin ya nuna jijiyar bayan gwiwa ba ta lotsewa, gudan ya fara hawa cinya. Kafin a ba shi magani an tambayi gyambon ciki, baƙin kashi, shanyewar ɓarin jiki a baya, an auna hawan jini, an duba ƙoda da yawan jini. An hana shi magungunan ciwon jiki na kyamis irin diklofenak da ibufurofen, domin haɗa su da maganin tsinka jini yana jawo zubar jini a ciki. Asfirin kuma ba ya maye gurbin maganin. Zai sha aƙalla wata uku. Da mai ciki ce, allurar enoksafarin za a ba ta, domin wafarin da ribaroksaban ba na masu ciki ba ne.

Idan zargi mai ƙarfi ne amma hoto ba zai samu ba sai gobe ko jibi, wanda shi ne abin da ya fi faruwa a karkara, likita yakan fara allurar riƙon ƙwarya in babu haɗarin zubar jini, ya rubuta sunan maganin da lokacin da aka yi a takardar turawa, domin wanda zai karɓe shi ya san kada ya amince da D-dimer da aka ɗiba bayan haka.

Idan kuma zargi mai ƙarfi ne, sikanin ya fito babu komai, a nan D-dimer yana da ɗan aiki na biyu. In yana ƙasa kuma ciwon sabo ne, an kore. In yana sama, a maimaita sikanin bayan kwana shida zuwa takwas, saboda yawancin masu hoto matse-matsi da bayan gwiwa suke dubawa, kuma ƙaramin gudan da ke sha-raɓa yana iya hawowa cikin wannan makon. A rubuta wa iyali ranar dawowa a kati, a haɗa ta da ranar kasuwar da suke samun mota.

*Gargaɗi:* kada a riƙa maimaita D-dimer kowane wata don a ga ko gudan ya narke. Maganin da kansa zai sauke lambar cikin kwanaki, iyali su ga takarda mai kyau su daina sayen magani a wata na farko, alhali lokacin ne haɗarin dawowar gudan ya fi yawa. Abin da ake bibiya shi ne tef, numfashi da alamun zubar jini, ga mai shan wafarin kuma gwajin INR mai auna saurin daskarewar jini.